Tsakanin Layi da Layi: Yadda Ake Cike Lissafin da Malamin Fiziks Ya Tsallake

A ajin farko na jami'a, a darasin da ake koyar da motsin abubuwa, akwai wani shafi da kusan kowane malamin fiziks yake haskawa a majigi. Layuka uku ne kacal a kansa. Na farko da na biyu dokoki ne da ɗalibi ya riga ya sani tun sakandare. Na uku sakamako ne. A tsakaninsu sai a rubuta gajeruwar magana, "daga nan za a samu", malam ya danna ya wuce shafi na gaba. Ɗalibi ya kwafe layukan uku tsaf, ya koma ɗaki, ya zuba musu ido, amma ya rasa ta inda aka bi daga na biyu aka ɓulla na uku.

Ba mugunta ce ta sa malam ya tsallake ba. Shafin majigi ba ya ɗaukar layi goma, lokacin lacca ƙanƙane ne, kuma wanda ya shekara ashirin yana maimaita lissafi ɗaya yakan daina ganin matakansa. Amma matakan suna nan, kuma ana iya tono su. Mabuɗin aikin shi ne layin ƙarshe da ke kan shafin, domin yana ɗauke da bayanin hanyar da aka bi aka iso gare shi. Mu ɗauki shafi guda mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Shafin da za mu warware

Ƙwallo biyu ne masu tauri a kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Ta farko, mai nauyin m₁, tana tafe da gudun u. Ta biyu, mai nauyin m₂, tana tsaye cik. Ta farko ta zo ta bugi ta biyu gaba da gaba. Tambayar ita ce, bayan karon, da wane gudu kowacce za ta tafi? Gudun ta farko bayan karo shi ne v₁, na ta biyu kuma v₂. Ga abin da shafin yake nunawa:

(1) m₁u = m₁v₁ + m₂v₂

(2) ½m₁u² = ½m₁v₁² + ½m₂v₂²

(3) v₁ = (m₁ − m₂)u / (m₁ + m₂)

Layi na farko yana cewa idan aka ninka nauyin kowace ƙwallo da gudunta aka haɗa, jimillar ba ta canzawa kafin karo da bayansa. Wannan adadi shi ɗalibai ke kira momentam. Layi na biyu yana cewa makamashin motsi, wato rabin nauyi sau gudu sau gudu, shi ma bai ragu ba, babu abin da ya tafi a zafi ko ƙara ko lotsewa. Tambayar tsohuwa ce. A shekarar 1668 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta nemi a warware mata dokokin karo, inda John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka aika da amsoshinsu.

Kafin a ɗauki biro, akwai tambayoyi biyu. Ta farko: me aka sani, me ake nema? An san m₁ da m₂ da u. Ana neman v₁ da v₂. Abubuwa biyu ake nema, layuka biyu aka bayar, don haka kayan aikin sun isa, ba sai an shigo da wata doka daga waje ba. Ta biyu: me ke cikin layukan sama wanda babu shi a layin ƙasa? Idan aka duba da kyau za a ga abubuwa uku sun ɓace. Rabin nan, ½, ya tafi. v₂ ya tafi gaba ɗaya. Sannan duk ƙananan lambobin 2 da ke saman haruffa, alamar an ninka abu da kansa, babu ko ɗaya. To aikin da aka ɓoye ke nan: a kawar da rabi, a kawar da ninkin, a kawar da v₂. Wanda ya rubuta wannan jerin a gefen takardarsa ya daina lalube cikin duhu.

Matakan da aka ɓoye

Rabin shi ne mafi sauƙi. Yana jikin kowane ɓangare na layi na biyu, saboda haka a ninka duka layin da 2, ya tafi. Daga nan sai a tattara duk abin da ya shafi ƙwallo ta farko a hagu, a bar na ta biyu a dama, a layukan biyu duka. Abin da ya tsallaka alamar daidai yakan sauya alamarsa, mai tarawa ya koma mai ɗebewa. Tun da m₁ yana jikin duk abin da ke hagu, sai a fitar da shi wajen baka:

(A) m₁(u − v₁) = m₂v₂

(B) m₁(u² − v₁²) = m₂v₂²

Yanzu layukan biyu sun yi kama da juna, kuma dalilin tattarawar ke nan. A nan ne dabarar da duk shafin ya dogara a kanta take. Idan aka ninka wata lamba da kanta, aka ɗebe wata da ita ma aka ninka da kanta, sakamakon daidai yake da bambancin lambobin sau jimillarsu. A gwada da 5 da 3: 25 a ɗebe 9 saura 16, kuma bambancinsu 2 sau jimillarsu 8 shi ma 16 ne. Haka yake ga kowace lamba. Don haka u² − v₁² daidai yake da (u − v₁)(u + v₁), kuma layin B ya koma:

m₁(u − v₁)(u + v₁) = m₂v₂²

A dubi farkon wannan layi. m₁(u − v₁) ai shi ne hagun layin A baki ɗaya, kuma layin A ya ce daidai yake da m₂v₂. Sai a cire shi a sa m₂v₂ a gurbinsa. Hagu ya zama m₂v₂ sau (u + v₁), dama kuwa m₂v₂ ne sau v₂. A raba ɓangarorin biyu da m₂v₂, abin da ya rage shi ne:

(C) u + v₁ = v₂

Ninkin ya tafi. Wannan ɗan gajeren layi, wanda shafin bai nuna ba sam, ya fi layi na uku sauƙin fahimta. Idan aka juya shi ya zama v₂ − v₁ = u, yana cewa saurin da ƙwallayen suke rabuwa da shi bayan karo daidai yake da saurin da suka tunkari juna da shi. Huygens ya gano wannan tun a ƙarni na 17.

Saura v₂. Tun da layin C ya faɗi abin da v₂ yake, sai a mayar da shi cikin layin A, a buɗe baka a ɓangarorin biyu:

(D) m₁u − m₁v₁ = m₂u + m₂v₁

Abin da ake nema v₁ ne, don haka masu v₁ su koma gefe guda, masu u su koma ɗaya gefen. m₂u ya dawo hagu da alamar ɗebewa, m₁v₁ ya tafi dama da alamar tarawa:

(E) (m₁ − m₂)u = (m₁ + m₂)v₁

A raba da m₁ + m₂, ga layi na uku ya fito kamar yadda yake a majigi. Mai son v₂ kuma ya koma layin C ya haɗa u da v₁. Sai dai kafin a haɗa, dole a ba u ƙasa iri ɗaya da ta v₁, wato a rubuta shi (m₁ + m₂)u / (m₁ + m₂). A sama m₂ da −m₂ za su cinye juna, a samu v₂ = 2m₁u / (m₁ + m₂).

Amsar da ta salwanta a hanya

Akwai wuri guda a matakan nan da ya kamata a dakata. Lokacin da muka raba da m₂v₂, mun ɗauka cewa ba sifili ba ne, domin ba a raba lamba da sifili. Nauyin ƙwallo ba zai zama sifili ba, amma v₂ zai iya. Me zai faru idan v₂ sifili ne? Layin A zai ba da v₁ = u. Wato ƙwallo ta biyu tana nan tsaye, ta farko kuma ta ci gaba da gudunta kamar ba abin da ya faru. Wannan ma ya cika layi na farko da na biyu, amma yanayi ne da karon bai auku ba. Dokokin biyu sun ce ne kawai jimilla ba ta canza ba, kuma idan ba abin da ya faru, ai ba abin da zai canza.

Ana ganin wannan amsa a fili idan aka bi doguwar hanya. Ɗalibai da yawa, da ba su hango dabarar bambanci da jimilla ba, sukan ciro v₂ daga layi na farko su cusa shi kai tsaye cikin na biyu. Hanyar daidai ce, sai dai tana kai mutum ga jimla mai v₁² a ciki, wadda take da amsa biyu. Idan ƙwallo ta farko kilo 5 ce, ta biyu kilo 3, gudun farko kuma mita 16 a daƙiƙa, jimlar bayan an gyara ta ita ce v₁² − 20v₁ + 64 = 0, amsoshinta kuma 4 da 16. Sha shidan nan shi ne gudun farko, amsar rashin karo. Huɗu ita ce wadda layi na uku yake bayarwa. Ɗalibin da ya samu amsa biyu alhali shafin malam ɗaya ya nuna bai yi kuskure ba. Malam ya yar da ɗayar ne da gangan, bisa dalilin da ya shafi abin da ke faruwa a zahiri, bai dai rubuta hakan ba. Darasin a nan shi ne, duk inda aka raba da harafi, a rubuta a gefe abin da zai faru idan harafin sifili ne.

Yadda ake kama kuskure

Wanda ya cike matakan da kansa sau da yawa zai ƙare da abin da bai yi daidai da na majigi ba. Ko dai shi ya yi kuskure, ko kuma an yi kuskuren bugawa a shafin, abin da yakan faru. Lambobi ne ke raba wannan gardama.

A fara da gwada shafin kansa. Da kilo 5 da kilo 3 da gudun 16, layi na uku ya ba da v₁ = 4, ɗan'uwansa kuma v₂ = 20. A mayar da su layi na farko: hagu 5 sau 16, wato 80, dama 20 da 60, su ma 80. A layi na biyu hagu 640 ne, dama 40 da 600. Duka sun tsaya, don haka shafin daidai yake. Da a ce an juya haruffan sama an buga m₂ − m₁, da v₁ ya fito −4, dama ta ba da 40 maimakon 80, nan take a gane laifin na shafin ne.

Da zarar an tabbatar da lambobin, sun zama ma'aunin da za a ɗora kowane layi a kai, kamar yadda mai shago yake bin littafin cinikinsa rana bayan rana har ya iso ranar da kuɗin suka fara saɓawa. Layin A: 5 sau 12 ya ba da 60, 3 sau 20 shi ma 60. Layin B: 256 a ɗebe 16 saura 240, sau 5 ya zama 1200, dama kuma 3 sau 400. Layin C: 16 da 4, 20. Layin D: 80 a ɗebe 20, sannan 48 da 12, duka 60. Layin E: 32 ta kowane ɓangare. Layin farko da hagu da dama suka saɓa, a nan kuskuren yake, tsakaninsa da wanda ke samansa. Ba sai an yage takarda an faro daga farko ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan shafi. Na farko shi ne ɗaukar u² − v₁² a matsayin (u − v₁)². Sun yi kama a ido, amma da lambobinmu na farko 240 ne, na biyu 144. Na biyu shi ne mantawa da sauya alama wajen tsallakawa daga D zuwa E, a rubuta (m₁ − m₂)v₁ a dama. Gwaji zai ba da 32 a hagu, 8 a dama.

Zaɓen lambobin gwaji ma yana da ƙa'ida. A guji 1, domin ninkawa da 1 ba ta canza komai, harafin da aka manta ba zai nuna kansa ba. A guji sifili, a kuma guji ba ƙwallayen nauyi iri ɗaya, domin m₁ − m₂ zai zama sifili ya haɗiye duk kuskuren da ke kusa da shi. Haka kuma a san iyakar gwajin: idan layi ya faɗi, tabbas akwai kuskure, amma idan ya tsaya, yana iya zama dace ne. In ana shakka a sake da wasu lambobin dabam.

Akwai wani gwaji mai sauri da ba ya buƙatar lamba ko ɗaya. Hagun layi na uku gudu ne. A dama akwai nauyi a sama da nauyi a ƙasa, sun cinye juna, saura gudu. Idan ɗalibi ya ƙare da abu irin m₁ + u, ya haɗa kilo da mita a daƙiƙa, wanda ba ya yiwuwa. Wannan gwaji yana kama harafin da ya ɓata, amma ba ya ganin kuskuren alama.

Ba kowane giɓi ne aljabara ba

Wani lokaci ɗalibi zai kwana yana juya haruffa bai isa layi na gaba ba, saboda abin da aka tsallake ba aljabara ba ne. Layi na biyu kansa misali ne. Ba daga na farko ya fito ba, kuma duk juyin duniya ba zai fitar da shi daga can ba. Sharaɗi ne da aka gindaya, cewa karon irin wanda ba a asarar makamashin motsi ne. Motoci biyu da suka yi karo suka lotse sun cika layi na farko a daidai lokacin karon, amma ba su cika na biyu ba, don haka layi na uku bai shafe su ba.

Nau'i na uku shi ne kintace. Shafin da ke biye yakan ce idan m₂ ya fi m₁ nesa ba kusa ba, to v₁ ≈ −u. Alamar nan mai lanƙwasa tana nufin an yar da wani abu don ƙanƙantarsa. Matakin da aka ɓoye shi ne raba sama da ƙasa da m₂. Sama ya zama m₁/m₂ − 1, ƙasa m₁/m₂ + 1. Idan m₁/m₂ ɗan mitsitsi ne, sai a yi watsi da shi, a bar −1 bisa 1. Ƙwallo mara nauyi da ta bugi ƙatuwa takan dawo baya da kusan gudun da ta je da shi. Yana da kyau a auna girman abin da aka yar: idan m₂ ya ninka m₁ sau 100, ainihin amsar 99 bisa 101 ce ta u, bambancin kusan kashi 2 cikin ɗari. Idan sau 12 ne kawai, amsar 11 bisa 13 ce, kintacen ya fara nisa da gaskiya.

Waɗannan iyakoki su ne gwaji na ƙarshe, domin ana iya kwatanta su da abin da ido ya sani. Idan nauyin ɗaya ne, layi na uku ya ba da v₁ = 0 da v₂ = u: mai bugu ta tsaya, wadda aka buga ta kwashe gudun duka. Duk mai kallon sunuka ya ga haka idan an buga ƙwallo a tsakiya ba tare da murɗa ta ba.

Lissafin nan ne kuma yake bayyana yadda ake rage gudun niyutiron a injin nukiliya. Niyutiron da cibiyar ƙwayar zarrar haidurojin kusan nauyinsu ɗaya, don haka karo ɗaya gaba da gaba yana iya ƙwace kusan duk makamashinsa. Shi ya sa a 1934 Enrico Fermi da abokan aikinsa a birnin Rum suka ga kakin farafin da ruwa, masu yawan haidurojin, suna rage gudun niyutiron sosai. Cibiyar kabon kuwa ta ninka niyutiron nauyi kusan sau 12. Ga 11 bisa 13 ɗin nan ta dawo: a ninka ta da kanta a samu 121 bisa 169, wato niyutiron yana tsira da kusan kashi 72 cikin ɗari na makamashinsa, ko da karon na gaba da gaba ne. Saboda haka injin da Fermi ya tayar a Chicago a watan Disamba na 1942 ya buƙaci tulin tubalan girafait, don a yi karo da yawa. Ƙaramin injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, da ruwa yake rage gudun niyutiron ɗinsa.

Idan an yi duk wannan giɓin bai cike ba, to lokacin zuwa wurin malam ya yi, kuma yanzu tambayar tana da kai. Ɗalibin da ya ce "Malam, ban gane shafin nan ba" zai samu a sake karanta masa layukan ukun. Wanda ya miƙa takardarsa ya ce, "Malam, na zo har layin B, lambobina sun tsaya, amma ban ga yadda ninkin ya tafi ba," zai samu amsarsa cikin minti ɗaya, domin ya nuna ainihin inda ya tsaya.

Mai son ya tabbatar hanyar ta zauna masa, ga aikin da zai gwada. A bar ƙwallo ta biyu ita ma tana tafiya tun kafin karo, gudun ta farko u₁, na ta biyu u₂. A tattara na m₁ a hagu, na m₂ a dama, a yi amfani da bambanci sau jimilla a ɓangarorin biyu, a rubuta a gefe abin da aka raba da shi. Layin C zai fito u₁ + v₁ = u₂ + v₂. Idan an kai ƙarshe, a sa u₂ = 0 a cikin amsar. Dole ta koma layi na uku daidai, in kuwa ba ta koma ba, sai a ɗauko lambobi a bi layukan ɗaya bayan ɗaya.